Yadda Ake Sa Raha a Bayanin Kaya Ba Tare da An Yi wa Mai Saye Ƙarya Ba

Wanda ya sayi kaya ta intanet cinikin biri a sama ya yi. Bai taɓa kayan ba, bai ɗaga su ya ji nauyinsu ba, bai buɗe ya rufe ba. Hoto uku ko huɗu ya gani, sai 'yan layukan da ka rubuta a ƙasa. Waɗannan layukan su ne hannunsa da idonsa, shi ya sa duk kalmar da ke ciki amana ce. A gefe guda kuma, kayan yau da kullum irin su bokiti, kwaɗo, tocila da laima duk kamarsu ɗaya a kowane shago, kuma mai ƙaramin shago ba shi da kuɗin talla kamar manya. Abin da yake da shi kyauta shi ne bakinsa. Idan ya sa mutum murmushi, za a tuna da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, raha da zuzutawa 'yan gida ɗaya ne, zuzutawa kuma maƙwabciyar ƙarya ce. Ni abin da na tsaya a kai shi ne wannan: raha ta hau kan halin da mutum yake shiga da kayan, da kuma kasawar kayan da ka amsa da bakinka, amma kada ta taɓa hawa kan awo, ƙarfi, ƙarko ko alkawari. Za mu bi wannan mataki-mataki da kaya guda ɗaya, wato laima mai naɗewa, irin wadda ake jefawa cikin jaka. Alƙaluman da zan kawo na misali ne. Naka za su fito ne daga laimar da ke hannunka.

Mataki na farko: ajiye barkwanci, ɗauko tef da sikeli

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya mai ban dariya, ka fito da laima ɗaya daga cikin waɗanda za ka sayar, ka auna ta da kanka. Kada ka kwafi abin da ke jikin kwali ko abin da wanda ka sara a wurinsa ya turo maka. A laima musamman akwai wani tarko da ke kama masu shago da yawa ba da niyyarsu ba. Ana auna faɗinta hanya biyu. Akwai awon da ake ɗora tef a bakin yadin, a bi ta saman kumburin, a sauka ɗaya bakin. Akwai kuma awon da ake yi a miƙe ta ƙarƙashi, daga baki zuwa baki. Na farkon kullum ya fi tsawo, saboda ya bi lanƙwasa, don haka shi masu sari suka fi son rubutawa. Na biyun kuwa shi ne ainihin inuwar da mutum zai shiga. A ce taka ta ba da santimita 110 ta sama, amma 97 ta ƙasa. Wanda ya karanta 110 ya ɗauka faɗin da zai rufe shi ke nan, ya yi asarar santimita 13 tun kafin kayan su iso, kuma kafaɗarsa ce za ta gaya masa.

Sai ka naɗe ta ka auna tsawonta, a ce santimita 28. Ka ɗora a sikeli, giram 310. Ka ƙirga ƙarafan da ke riƙe da yadin, guda 8. Ka duba ko da hannu ake tura ta ta buɗe ko maɓalli ake dannawa.

Daga nan sai gwaji. Ka buɗe ka rufe sau hamsin, kana lura ko makamin da ke riƙe ta a buɗe yana zamewa, ko yana cizon yatsa. Ka sa wani ya sakar mata ruwa da tiyo na minti biyar, ka shafa cikinta da busasshen hannu, musamman wajen ɗinki da can ƙololuwa inda sandar ta huda yadin, don nan ruwa ya fi samun hanya. Ka fita da ita ranar da ake iska. Ka gwada mayar da ita cikin 'yar jakarta bayan ta jiƙe. Duk abin da ka gani ka rubuta shi a takarda yadda yake, ba gishiri. A misalinmu, a ce ruwa bai ratsa ba, makamin bai zame ba, amma da iska ta yi ƙarfi sai ƙarafan suka juye sama, sannan mayar da ita jaka sai da aka yi ta kokawa.

Wannan takardar ita ce gonarka. Abin dariya da za ka samu daga baya, a cikinta ya tsiro. Wanda bai taɓa kokawa da jiƙaƙƙiyar laima da jakarta ba, ba zai san akwai raha a wurin ba, sai ya koma ƙirƙirar abin da babu.

Mataki na biyu: rubuta bayanin da ba dariya ko kaɗan

Yanzu ka rubuta bayani busasshe, wanda zai ishi mutum yanke shawara ko da bai yi murmushi ba:

"Laima mai naɗewa uku, ta mutum ɗaya. Faɗinta a buɗe santimita 97, tsawonta a naɗe santimita 28, nauyinta giram 310. Ƙarafa 8, da hannu ake buɗewa. Tana tare ruwan sama. Iska mai ƙarfi tana juyar da ita. Tana zuwa da jakarta."

Sunan kayan da ke can sama shi ma a bar shi haka: "Laima mai naɗewa, baƙa, santimita 97". Mutane sunan kaya suke rubutawa idan suna nema, kuma ba wanda zai rubuta "garkuwar damina" a wurin bincike. Sunan barkwanci ɓoye kayanka yake yi.

Mataki na uku: san inda wasa ke zama alkawari

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne mutanen kirki ke faɗawa ƙarya ba su sani ba.

Akwai shari'u biyu sanannu da suka nuna iyakar sarai. Ta farko a Ingila aka yi ta. A 1891 wani kamfani mai suna Carbolic Smoke Ball ya buga talla cewa zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa yadda aka tsara amma mura mai zafi ta kama shi. Ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Wata mata, Louisa Carlill, ta saya, ta bi ƙa'ida, murar ta kama ta, ta nemi kuɗinta. Kamfanin ya ce ai zaƙin bakin talla ne kawai. A ƙarshen 1892 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a: ka faɗi adadi, ka faɗi sharaɗi, ka ce ga kuɗi a banki, duk mai hankali zai ɗauka alkawari ne. Dole ya biya.

Ta biyu a Amurka. Kamfanin Pepsi ya yi tallan talabijin inda ake tara maki a karɓi riga ko tabarau, a ƙarshen tallan sai aka nuna ɗalibi ya sauka a makaranta cikin jirgin yaƙi samfurin Harrier, aka rubuta maki 7,000,000. Wani matashi ya haɗa abin da ya kai makin ya ce a ba shi jirginsa. A 1999 wata kotu a New York ta ce babu mai hankalin da zai ga wannan tallan ya ɗauka da gaske jirgin yaƙi za a ba shi. Wasa ne a fili. Kamfanin ya yi nasara, amma sai da ya sha shari'a, kuma ya gyara tallan ya ɗaga makin zuwa miliyan 700.

Dokokin talla sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ma'aunin da waɗannan shari'u suka yi amfani da shi kowane mai shago zai iya ɗauka: shin mutum mai hankali, yana karantawa cikin sauri a wayarsa, zai iya ɗaukar wannan magana da gaske? "Laimar nan za ta kai ka shekara biyar" ba wasa ba ne ko da da murmushi ka rubuta, domin laima tana iya yin shekara biyar, kuma akwai lamba a ciki. Lamba da lokaci da sharaɗi, duk inda suka shiga magana sun mayar da ita alkawari.

Amma ni ina ganin ma'aunin kotu bai isa ba, domin akwai ƙaryar da kotu ba za ta kama ba alhali mai saye zai ji ta a jikinsa. Duba wannan layin:

"Laimar da ko guguwa ta hango ta sai ta sake hanya."

Ba wanda zai ɗauka guguwa tana da ido. Wasa ne a fili, ya tsallake ma'aunin farko. To amma me ya bari a zuciyar mai karatu? Ya bar masa cewa laimar nan tana jure iska. Mu kuwa mun gwada, mun ga iska tana juyar da ita. Kalmomin wasa ne, saƙon ƙarya ne. Kowace zuzutawa tana da inda ta dosa, kuma inda ta dosa ɗin ne mutum yake riƙewa bayan ya manta da kalmomin. Don haka duk layin barkwancin da ka rubuta, ka tuɓe masa kwalliya, ka faɗi abin da yake nufi da magana mai sauƙi, ka kai shi gaban takardar gwajinka. "Jikokinka za su gaje ta" yana nufin tana da ƙarko sosai. Ka gwada ƙarkonta? Buɗewa hamsin ba shekara hamsin ba ce. A cire. "Ba ta kai nauyin tunanin da kake ɗauke da shi ba" yana nufin ba ta da nauyi. Giram 310 ce, gaskiya ne, a bar shi. Ka ga an halatta maka ka kambama gaskiya har ta kai sama, abin da ba a halatta ba shi ne ka kambama abin da babu shi tun asali.

Haka abin yake a sauran kaya. Mai sayar da tocila zai so ya ce "ita da kifi ajinsu ɗaya". Sai ya duba abin da ke rubuce a jikinta. Idan IPX4 ne, ma'anarsa tana jure fantsamar ruwa kawai. IPX7 ne ke nufin an gwada nutsar da ita cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Maganar kifi ta dosa wajen nutsewa, don haka a kan tocila mai IPX4 ƙarya ce, kuma ranar da wani ya tsoma ta a bokiti zai gane.

Mataki na huɗu: haƙo rahar daga wurare uku masu aminci

Idan an hana ka wasa da ƙarfi da ƙarko, me ya rage? Ya rage da yawa, kuma shi ya fi daɗi.

Wuri na farko shi ne rayuwar mutum da kayan. Kowa ya san laima ba ta cika mutuwa a hannun mai ita ba. Mantawa ake yi da ita a mota, ko wani ya ara ranar ruwa shi ke nan an yi bankwana. Kowa ya san ranar da ka ɗauko ta rana ake ƙwallawa, ranar da ka bar ta a gida kuma sama ta ɓalle. Waɗannan abubuwa ba sa cewa komai game da ingancin laimarka, don haka babu yadda za su zama ƙarya, ga shi mai karatu yana ganin kansa a ciki. Misali: "Tana tare ruwa, tana tare rana. Abu ɗaya ne ba ta iya ba: ba ta san hanyar gida ba, in ka manta da ita ba za ta biyo ka ba."

Wuri na biyu, wanda na fi ƙauna, shi ne aibin kayan. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai saye ba ya fushi da kasawar da aka gaya masa tun farko. Wadda aka ɓoye masa ce ke sa shi jin an raina masa hankali. Raha kuwa ita ce hanya mafi sauƙi ta faɗin aibi ba tare da ka kashe cinikinka ba. Laimarmu ƙarama ce, sai mu ce: "Ta mutum ɗaya ce. In kuka shiga ku biyu, kowa zai tsira da kafaɗa ɗaya." Iska tana juyar da ita, sai mu ce: "Da ruwa jaruma ce. Da iska mai ƙarfi kuwa ba ta jayayya, nan take take ɗaga hannuwa sama ta miƙa wuya." Ka lura hoton ɗaga hannuwa shi ne ainihin abin da ƙarafan ke yi. Wanda ya karanta ya yi dariya, kuma ya san takamaimai abin da zai faru. Layi ɗaya ya yi aiki biyu.

Sai dai a nan akwai iyaka da ya kamata a kiyaye. Aibin da ake yi wa raha shi ne wanda ya zo da irin kayan, kamar ƙanƙanta ko rashin jure guguwa, wanda mutum zai iya sani ya kuma saya da yardarsa. Idan gwajinka ya nuna makamin yana yanka yatsa, ko ɗinkin yana zubar da ruwa, wannan lalatattun kaya ne. Ba barkwancin da zai wanke su. A mayar wa wanda aka sara a wurinsa, ko a rubuta matsalar a fili ƙarara ba tare da wasa ba.

Wuri na uku shi ne ka ba kayan hali irin na mutum. Laima mai taurin kai wajen komawa jaka, kwaɗo mai riƙe sirri, bokitin da ba ya ƙorafi komai aka ɗora masa. Ba wanda zai ɗauka da gaske, amma ka tuna da inda maganar ta dosa. "Kwaɗon da ɓarayi ke gaishe shi su wuce" ya dosa wajen tsaro, kuma wannan magana ce da mutum zai dogara da ita ya bar dukiyarsa.

Mai saye kansa kuma ba abin yi wa dariya ba ne. Kada rahar ta taɓa jikinsa, shekarunsa, aljihunsa, jinsinsa, addininsa ko asalinsa. "Ko mai ƙiba zai shiga" an yi niyyar nuna faɗi, amma akwai wanda zai karanta ya rufe shafin bai sake dawowa ba, kuma ba zai taɓa gaya maka dalili ba. Ku yi dariya tare a kan ruwan da ke sauka daidai lokacin da ba a shirya ba, ya ishe ku.

Mataki na biyar: haɗa su, gaskiya a gaba

A waya, sau da yawa layi biyu ko uku na farko kawai ke fitowa kafin a danna don ganin saura, kuma mutane da yawa ba sa dannawa. Saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ke shiga gaba: mene ne, na wa ne, girmansa nawa. Rahar ta biyo baya, tana manne da gaskiyar da ta haife ta. Ga yadda tamu ta fito:

"Laima mai naɗewa uku, faɗinta a buɗe santimita 97. Ta mutum ɗaya ce. In kuka shiga ku biyu, kowa zai tsira da kafaɗa ɗaya.

A naɗe santimita 28 ce, nauyinta giram 310, tana shiga jakar hannu ta yi shiru har ranar da ake nemanta. Ƙarafanta 8, da hannu ake buɗe ta.

Mun sakar mata ruwa na minti biyar, cikinta bai jiƙe ba. Da iska mai ƙarfi kuwa ba ta jayayya: nan take take ɗaga hannuwa sama ta miƙa wuya. In inda kuke ana yawan iska, ku nemi babba mai doguwar sanda.

Tana zuwa da 'yar jakarta. Fitowa ba wuya, komawa ce sai da lallashi. A bari ta bushe tukuna, a jera ninkin yadin ɗaya bayan ɗaya, za ta yarda."

Raha uku ce a ciki, ko uku da rabi, kuma na bar wadda ta shafi mantuwa a waje duk da ina son ta. Dalili kuwa, ita kaɗai ce ba ta ɗauke da wani bayani, kuma bayanin ya riga ya cika. A ajiye ta don saƙon godiya bayan an saya, ko don sanarwar sabbin kaya. Ga kaya irin wannan, raha biyu zuwa uku sun wadatar. In ta wuce haka sai mutum ya fara shakkar ko akwai abin da ake rufewa da surutu.

Dubi kuma jimlar da ta ce "ku nemi babba mai doguwar sanda". Wani zai ce korar kwastoma ce. Wanda ke zaune inda ake iska, in ya sayi wannan laimar, kayan za su dawo maka, ka biya kuɗin aike sau biyu, ka kuma samu mummunan sharhi a shafinka. Gara ya tafi da kyakkyawan zato, ko ya sayi babbar a wurinka in kana da ita.

Wani ɗan abu da ya shafi harshenmu: ba ka san ko namiji ne ko mace ke karantawa ba, kuma "ka" da "ki" kowanne yana barin rabin masu saye a waje. "Ku" ta ɗauke kowa, tana da ladabi, sannan akwai "a" ta kowa da kowa, kamar "a bari ta bushe". Ka zaɓi ɗaya ka riƙe a duk shagon, don muryar ta zama ɗaya daga laima har bokiti.

Mataki na shida: gwaji biyu kafin a saka

Ka kwafi bayanin, ka goge duk raha. Abin da ya rage ya isa mutum ya san abin da zai saya? A namu, akwai awo, nauyi, yadda ake buɗewa da gwajin ruwa. Amma da za a goge layin "ɗaga hannuwa", jimlar da ke biye da shi ce kaɗai ta rage tana gargaɗi kan iska. Shi ya sa na sa ta. Gargaɗi mai muhimmanci kada ya rataya a wuyan barkwanci kaɗai, domin akwai mai karatu cikin gaggawa, akwai wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne, akwai wanda zai sa wayarsa ta fassara masa shafin, kuma raha ce abu na farko da ke mutuwa a fassara.

Gwaji na biyu da mutum ake yi. Ka ba wanda bai taɓa ganin laimar ba ya karanta. Kada ka tambaye shi ko ya yi dariya, don kunya za ta sa ya ce e. Ka ce masa: "Me kake tsammanin za a kawo maka? Mutum nawa za ta rufe? In ana iska me zai faru?" Sannan ka miƙa masa laimar ka kalli fuskarsa. In ya ce "au, ashe ƙarama ce haka", akwai layin da ya dosa inda bai kamata ba, sai ka koma ka nemo shi.

Inda ake yin shiru

Akwai sassan da ba a sa musu wasa ko kaɗan: ƙa'idar mayar da kaya, kwanakin aike, garanti, da duk abin da ya shafi wuta, lantarki, yara ƙanana, sinadarin wanki ko lafiyar jiki. "In ba ta yi muku ba mu za mu sha ruwan a madadinku" yana da daɗin ji, amma mutum zai karanta shi a matsayin an yarda a mayar, alhali wataƙila ƙa'idarka kwana bakwai ce kuma sai ba a yi amfani da kayan ba. A rubuta kwana bakwai ɗin da sharaɗinsa, a wuce. Haka nan kada ka ƙirƙiri sharhin kwastoma na wasa da sunan wani mutum da babu shi, ko ka ce "saura biyu" alhali kwali guda ke ajiye. Mai karatu ba shi da hanyar gane cewa wasa kake, kuma a ƙasashe da yawa doka ta hana duka biyun.

Bayan an saka: yadda za ka gane ya yi ko bai yi ba

Akwatin saƙonninka ne zai fara gaya maka. In mutane uku sun tambayi abu ɗaya, misali "da maɓalli take buɗewa?", to ko dai bayanin babu shi, ko raha ta danne shi har ba a gani. Ka ɗaga shi sama. In ana ta yaba rubutun ana turawa abokai amma ba a saye, barkwancin ya janye ido daga kayan, sai ka rage ɗaya ka ƙara hoto da laimar a hannun mutum don a ga girmanta. In kuwa kaya suna dawowa ana cewa "ba haka na zata ba", wannan shi ne mafi nauyi, kada ka yi gardama. Ka tambayi mutumin cikin girmamawa wane layi ne ya sa shi zaton, domin sau da yawa zai nuna maka shi daidai, kuma sau da yawa layin da ka fi alfahari da shi ne.

Akwai kuma ƙaryar da ke shigowa kana barci. Ka sake saro laima daga wuri ɗaya, launi ɗaya, kwali ɗaya, amma wannan karon ƙarafa 6 ne maimakon 8, ko yadin ya fi na da sirantaka. Bayaninka da yake gaskiya wata uku da suka wuce, yau ya daina. Don haka duk lokacin da sabon kwali ya iso, kafin ka jera, ka zaro ɗaya, ka ɗauko tsohuwar takardar gwajin ka bi ta layi-layi: tef, sikeli, ƙirgen ƙarafa, tiyo na minti biyar. In faɗin ya koma santimita 92, ka gyara lambar a sunan kayan da cikin bayanin tun kafin oda ta farko ta shigo. Layin kafaɗa ɗaya kuwa a bar shi a wurinsa, yanzu ma ya fi dacewa da ita.